Wasiƙar da Mai Gilashi Ya So a Ƙi

Mai Gilashi mutum ne da hannunsa ba ya rawa. Ko wane irin gilashi ka kawo masa, na taga ko na hoto ko na kabad, zai shimfiɗa shi a kan teburinsa mai lulluɓe da tsohon bargo, ya ɗora ma'auni, ya ja abin yanka sau ɗaya, ka ji ƙas, magana ta ƙare. Amma ran nan da ya zauna zai rubuta wa shugabar makaranta wasiƙa, sai ga shi yana ɗaga biro yana ajiyewa, har 'yarsa ta ɗago kai daga aikin gidan da take yi a lungun shagon ta dube shi.

'Yar tasa tana aji biyar. Lauya yake kiranta, don tun tana ƙarama ba a kayar da ita a magana. Ka ce ta sha magani, sai ta nemi dalili, ka ba ta dalili, ta nemi shaida. Su biyu ne kawai a gida. Tun ba ta shiga makaranta ba zama ya ƙi tsakaninsa da uwarta, aka rabu ba zagi ba tonon asiri, uwar ta yi aure a wani gari mai nisa, yarinya ta zauna wurin ubanta. Shi ya koyi wankin farar safa, shi ya koyi taje gashi ba tare da an yi kuka ba, ko da yake wannan ya ɗauke shi lokaci, Lauya ma ba ta yafe masa shekarar farko ba.

To, sai ga waya daga kawun yarinyar, yayan uwarta. Ya ce an yi wa mijin ƙanwarsa canjin wurin aiki zuwa wata ƙasa, ƙarshen wata mai zuwa za su tashi, kuma ba a san ranar dawowa ba. Uwar tana roƙon a ba ta 'yarta ko na mako guda ne, ta gan ta, yarinyar kuma ta ga ƙaninta da aka haifa wanda sai a waya ta san shi. Ba za a iya jiran hutu ba, kafin hutu sun tafi. Kawun ya ce shi da kansa zai zo ya ɗauke ta, ya kuma dawo da ita, duk makon da ya yi wa Mai Gilashi daidai.

Me zai ce? Ya ce to. Ya ce ai ba komai, uwa ce, sai dai a nemi izinin makaranta tukuna. Ya kashe wayar, ya zauna a kan benci.

Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. Gidan uwar can akwai mota, akwai ɗaki da za a ce nata ne ita kaɗai, akwai jariri mai dariya, ga kuma uwa. Nan fa? Ɗaki da falo, da uba mai warin gam ɗin manna gilashi, wanda shinkafarsa kullum ko ta caɓe ko ta ƙone. Idan yarinyar ta je ta ga haka, ta rungume uwarta ta ce ba za ta dawo ba, da wane baki zai ce mata dole? Ya san kansa. Ba zai iya ba. Ya kuma san ba zai iya buɗe baki ya ce wa uwa ba za ta ga 'yarta ba. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutumin kirki idan ya ruɗe. Tun da ba zai iya hanawa ba, bari makaranta ta hana.

A bangon shagon akwai takardar tsarin zangon karatu da makaranta ta raba wa iyaye, ya manna ta kusa da kalanda. Ya bi ta da yatsa har ya iso makon gwajin tsakiyar zango. A taron iyaye da malamai shugaba ta faɗa da babbar murya cewa ba ta ba da izinin tafiya a makon gwaji, sai dai rashin lafiya ko rasuwa. Wannan makon ya zaɓa.

Wasiƙar kam ta yi kyau, kada a zalunce shi. Ya sa adireshinsa da kwanan wata a sama ta dama, ya sa na shugabar makaranta ta hagu, ta hannun malamar aji. Ya rubuta kan magana ya ja masa layi da ma'aunin aikinsa: Neman Izinin Tafiya. Sannan ya ce: «Ina mai girmamawa, ina neman izini ga 'yata da ke aji biyar domin ta yi tafiya ta ga mahaifiyarta, wadda za ta bar ƙasa. Kawunta ne zai raka ta. Na yi alkawari za ta rama duk karatun da ya wuce ta.» Ya sa ranar tafiya da ranar dawowa, ya sa lambar wayarsa, ya rattaba hannu. A wurin ranar dawowar ne biron ya tsaya, har tawada ta taru ta yi ɗigo. Ya daɗe yana kallon ɗigon nan, ya manta akwai mai kallonsa.

«Baba, ko in rubuta maka ne?» in ji Lauya.

«Ke, yi aikinki. Tun kafin a haife ki nake rubutu.»

Ya ninke takardar ya sa a ambulan, ya ba ta, ya ce gobe ta miƙa wa malamarsu. Ta karɓa ta sa a jaka. Ba ta tambayi komai ba, kuma da hankalinsa na jikinsa da wannan kaɗai ya ishe shi ya gane akwai matsala.

Kwanaki suka yi ta tafiya, shiru. Kullum ta dawo sai ya tambaya kamar ba da gangan ba, yana goge gilashi, «Shugaba ta ce wani abu?» Sai ta ce, «Ba ta ce komai ba.» Kawu ya bugo, Mai Gilashi ya ce ana jiran makaranta. Uwar da kanta ta bugo, murya ƙasa-ƙasa, ta gaishe shi ta yi masa godiyar riƙon yarinya, ta ce tana ta shirya mata wurin kwana. Ya ce Allah ya sa makaranta ta yarda, kuma kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

Shirun nan ya fi komai damunsa. Da za a ƙi, ai da tuni an ƙi. Ko dai shugaba tana neman hanyar da za ta taimaka ne? Matar an san ta da tausayi a ƙarƙashin faɗanta. Kai, idan ta ce a yi wa yarinyar gwajin daga baya fa? Nan ya yanke shawarar da ta fi ta farko wauta. Ya rufe shago da hantsi, ya sa rigarsa mai kyau, ya nufi makaranta don ya roƙi shugaba ta ƙi abin da shi da kansa ya roƙa.

Ofishin shugaba ɗan ƙarami ne, kabad cike da fayil, kofunan gasa sun yi ƙura a sama, fanka tana juyawa tana ƙara. Idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan tagar da gilashinta ɗaya ya tsage aka manne da salatif. Shugaba babbar mace ce mai tabarau a ƙarshen hanci, ta koyar da rabin iyayen da ke kawo mata 'ya'ya yanzu. Suka gaisa, ta nuna masa kujera.

«Baban Lauya, lafiya dai? Ka ga har nan wurinmu sunan ya biyo ta.»

«Lafiya lau, ranki ya daɗe. Kan maganar wasiƙar nan ce.»

«Wace wasiƙa?»

«Ta neman izini. Ta tafiya.»

Ta jawo fayil ɗin da take ajiye irin waɗannan takardu, ta duba ɗaya bayan ɗaya tana lasar yatsa. Ta ce duk wadda ta zo, malamar aji kan sa hannu ta turo, ita kuma ta rubuta amsa a gefe, a sanar da iyaye, a kuma yi wa yaro alama a rajista cewa da izini ya yi fashi. Babu tasa a ciki. Amma ba abin damuwa ba ne, in ji ta, ya faɗa mata abin da ke ciki.

Da ya yi shiru a nan da ya tsira da mutuncinsa. Amma ya riga ya haddace jawabinsa tun daga shago, sai ya kwararo shi duka. Ya faɗi rabuwar, ya faɗi tafiyar uwar, ya faɗi makon da ya nema. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, «Ranki ya daɗe, alfarmar da nake nema ita ce, idan ta iso, ki ƙi. Ki rubuta cewa makon gwaji ne, doka ta hana. In samu abin da zan nuna musu.»

Shugaba ta cire tabarau ta ajiye. «Ikon Allah. Na daɗe a kujerar nan, na ga masu ƙaryar ciwo, na ga masu kashe kakar da ta mutu tuntuni don a bar yaro ya je biki. Amma wanda ya rubuto da hannunsa, ya biyo baya da ƙafarsa yana cewa a ƙi, kai ne na farko. Kai ka zaɓi makon gwajin?»

«Ni ne.»

«Da gangan?»

Ya gyaɗa kai, ya ce, «Ita kaɗai gare ni. Idan ta je ba ta dawo ba, ban san abin da zan buɗe shago in yi ba.»

Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa faɗan ya shirya wa. Ta dube shi kawai, irin kallon da ake yi wa yaron da ya fasa kofi yana ɓoye hannu a baya. Ta ce, «Na ji ka, kuma wallahi na tausaya maka. Amma ba zan zama katangar da za ka laɓe a bayanta ba. Idan za ka hana, ka hana da bakinka. Bari dai mu fara sanin inda takardar ta maƙale.» Ta leƙa ta aika a kira yarinyar.

Lauya ta shigo da sallama, jaka a baya. Tana ganin ubanta ta tsaya cak.

«'Yata, babanki ya ba ki saƙo ki kawo?»

Yarinyar ta dubi takalminta. Sai ta sauke jakar, ta zuge wani ƙaramin aljihu na ciki, ta fito da ambulan. Ya yamutse, gefensa ya yi baƙi da garin fensir. Ta ajiye a kan teburi da hannu biyu.

«Mantawa kika yi?» in ji shugaba.

«A'a.»

«To me ya hana ki bayarwa? Ba ki son zuwa ne?»

Ta saci kallon ubanta, ta mayar da ido ƙasa. «Na ga fuskar Baba lokacin da yake rubutawa,» ta ce. «Idan ban kawo ba, ba wanda zai ce e, ba wanda zai ce a'a. Sai lokaci ya wuce kawai. Ba laifin kowa.»

Wayyo! Mai Gilashi ya ji maganar nan har tsakiyar kansa. Ashe duk kwanakin nan da yake ƙulle-ƙullensa yana ganin shi kaɗai ke shan wahala, yarinyar nan tana ɗauke da takardar a bayanta safe da yamma, tana zuwa tana dawowa, tana haƙura da uwarta don kada ransa ya ɓaci. Ba ta ce ba ta son zuwa ba. Ya lura da wannan sarai. Ya kuma tuna yadda take ɗaukar waya ta fita ƙofar ɗaki idan uwarta ta kira, ta rage murya, ta dawo fuska ba yabo ba fallasa. Shi a wautarsa ya ɗauka ba ta damu ba ne. Ashe shi ya koya mata ɓoyewa, ba tare da ya taɓa furta kalma ɗaya ba.

Shugaba ta ce wa yarinyar ta jira a baranda. Da yarinyar ta fita, ta turo masa akwatin tishu, ta buɗe ambulan ta karanta a hankali, ta ba shi lokaci ya gyara fuskarsa.

«Wannan dai ba zan amince da ita ba,» ta ce. «Makon gwaji ne, abin da na faɗa wa sauran iyaye shi zan faɗa maka. Ka samu abin da ka zo nema. In rubuta a kai?»

«A'a! Don Allah, ranki ya daɗe, kada ki rubuta.» Har ya miƙa hannu kamar zai riƙe biron nata. «Makon da ke biye fa?»

Ta duba tsarin zango a ƙarƙashin gilashin teburinta. Ta ce makon da ke biye ba gwaji, malamai na duba takardu ne suna shiga sabon darasi, kuma yarinyar ba ta da tarihin fashi, za ta iya kamo 'yan ajinsu. Amma sai ya sake rubuta wata, don ba a gyara kwanan wata a kan takardar da za ta shiga fayil. Ta zaro farar takarda ta ba shi, ta matsar da fayil-fayil ta buɗe masa wuri a gefen teburi.

Ya rubuta, tiryan-tiryan kamar ta farko. Da ya zo kan ranakun sai ya tsaya ya yi tunani. Mako guda, a cire ranar zuwa da ranar dawowa a mota, me ya rage? Kafin yarinya ta saki jiki da uwarta an ce ta haɗa kaya. Ya tambayi shugaba ko za a iya ƙara wasu kwanaki a mako na biyu.

Ta dube shi ta saman tabarau. «Ɗazu kana roƙon in hana, yanzu kana neman ƙari. Kai dai ka cika abin mamaki.» Ta ce ta yarda zuwa tsakiyar mako na biyu, da sharaɗin malamar aji za ta haɗa mata aikin da za ta tafi da shi. Sannan ta gyara zama ta yi masa magana ta aiki. Ranar da ya rubuta ita ce ranar da za a sa ran ganinta a aji. Idan wani abu ya taso, ya sake rubutowa kafin ranar, kada a bari ta wuce shiru, don daga nan fashin ya zama ba izini. Idan kuma, Allah ya kiyaye, magana ta canja gaba ɗaya, ya zo da kansa a yi mata takardar canjin makaranta yadda ya kamata, kada karatunta ya lalace.

Wannan ta ƙarshen ta soke shi, amma ya gyaɗa kai. Ya sa hannu. Ta aika aka kira malamar aji ta sa nata, sannan ita ta rubuta a gefe da jan biro cewa an amince, ta buga hatimi, ta ce a yi masa kwafi ya riƙe.

Ya tarar da Lauya a baranda zaune a kan dakali, ta rungume jakarta. Ana ta karatu a azuzuwa, muryoyin yara na tashi tare suna sauka tare. Ya zauna kusa da ita, ya miƙa mata kwafin. Ta karanta tun daga adireshi har hatimi, ta sake komawa kan ranakun.

«Baba, ai ya fi mako guda.»

«Na sani. Ni na rubuta.»

Ta yi ƙoƙarin daidaita fuskarta, yana kallo. Murna na son fitowa tana danne ta, kamar mai riƙe murfin tukunya.

«Ke Lauya,» ya ce, «saki fuskarki. Uwarki ce. Ki yi murnarki a gabana, ba a bayan ƙofa ba. Ni na yi kuskure, ba ke ba.»

Sai ta fashe da kuka, ta kifa kai a cinyarsa. «Ina son ganinta, Baba. Wallahi ina son ganinta sosai. Kullum.»

«Na sani, uwata. Yanzu na sani.»

Ya bar ta ta yi mai isarta, yana ɗan bubbuga bayanta. Da ta lafa ta share ido da bayan hannu, ta ja hanci, sai ya ga tsohon halin ya dawo, ta karkata kai irin yadda take yi idan za ta ƙure mutum.

«To idan na je, ranar ta zo, na ce ina so in ƙara kwana fa?»

Ga ta nan, tambayar da ya yi ta gudu. Ya so ya ce ai makaranta ba za ta yarda ba, maganar har ta zo bakinsa, ga ofishin shugaba a bayansa da zai jingina da shi. Ya haɗiye ta.

«Sai ki bugo ki faɗa mini,» ya ce. «In zauna in rubuta wata.»

«Ko za ka ji ba daɗi?»

«Zan ji. Sosai ma. Amma zan rubuta, kuma ni zan kawo ta da kaina, tun da ɗan aiken nawa ba shi da amana.»

Ta yi dariya da hawaye a kumatu. Aka kaɗa ƙararrawar canjin darasi, ta miƙe ta saɓa jaka, ta ruga aji. Ya bi ta da kallo har ta shige, bai ga ta waiwayo ba. Ya zaro waya daga aljihu, ya wuce lambar kawu, ya nemo ta uwar. Tana ɗauka ya ce, «An ba da izini. Ki shirya, 'yarki na nan tafe.»